An biya kuɗin shokozoba, tsohuwa na nan daram: yadda ake neman haƙƙi a gareji

A ce ka kai Corolla gareji tana ƙara a gaba duk lokacin da ta faɗa rami. Bakanike ya ce shokozoba biyu sun mutu, ya karɓi naira 90,000 na sababbi da 10,000 na aiki. Bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. Kafin ka koma da faɗa, ka fara tara hujja.

Ka murɗa sitiyari, ka leƙa bayan taya. Sabuwar shokozoba fes take, kuma notocin da aka kwance za su nuna tabon sifana. Idan ka tarar da tsohuwar ƙura ta daskare a kan notocin, ga mai yana tsiyaya a jikin ƙarfen, to ba a taɓa wurin ba. Akwai masu wanke tsohuwar su fesa mata baƙin fenti, amma sai ka ga fentin ya hau har kan roba da laka. Ka ɗauki hoto, ka kai wa wani bakanike ya duba, amma kada ka bari ya gyara tukuna, domin da ya kwance hujjarka ta tafi. Kayan ciki irin su faifan kuloci ba a ganinsu sai an sauke giya, don haka can rasit da tsohon kayan ne madogara.

Sai takardar koke, gajera, ga mai garejin. Ka rubuta ranar da ka kai mota, lambarta, kayan da aka ce an sa da kuɗin kowanne, da abin da ka gani. Ka nemi a nuna maka rasit na shagon da aka sayo kayan, da tsofaffin da aka cire. Idan a Ƙofar Ruwa aka sayo, shagon yana da suna, kuma za a iya zuwa. Sannan ka ce in babu waɗannan, a dawo maka da 100,000 ɗinka cikin kwana bakwai, har da kuɗin aiki, tunda ba a yi aikin ba. Kada ka kira shi ɓarawo. Wani lokaci yaron gareji ne ya yi ha'incin, maigidan bai sani ba. Ka yi kwafi biyu, ya sa hannu a naka, ka haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki.

Idan wa'adi ya wuce shiru, ka je wurin shugaban ƙungiyar makanikai na yankin, domin ba kasafai bakanike ke son a kira shi gaban abokan sana'arsa ba. In hakan bai yi ba, hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu sayayya ta 2018 ta kafa, tana karɓar irin wannan koke. A Kano kuma akwai kotun ƙananan basussuka, inda mutum zai iya gabatar da ƙararsa da kansa ba tare da lauya ba.