Bayani Kan Takardar Albashi Ga Baƙin Ma'aikata A Jibiya

Muna jawo hankalin 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar da ke aikin albashi a Jibiya, da jami'an da ke taimaka musu, cewa albashin aikin da aka yi a Nijeriya yana ƙarƙashin dokar harajin ƙasar nan. Da yake da Turanci ake buga takardar albashi, ga ma'anar muhimman kalmominta.

Gross Pay shi ne jimillar albashi kafin a cire komai. Pension shi ne kashi 8 cikin ɗari na ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, ga wanda ya shiga tsarin fansho. PAYE haraji ne da ake cirewa kowane wata. Net Pay kuwa shi ne abin da zai shiga hannun ma'aikaci.

Daga 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, sannan naira 2,200,000 da ke biye ana cire musu kashi 15.

Misali, mai naira 150,000 a wata, dukkansu na waɗancan rukunai uku, fanshonsa 12,000 ne. Ragowar 138,000 sun zama 1,656,000 a shekara. A ɗebe 800,000, saura 856,000, harajinsu 128,400, wato 10,700 a wata. Zai karɓi 127,300.

A lura, kashi 10 na fansho da ke wuyan ma'aikata ba daga albashi ake cire shi ba. Wanda ya ga an cire masa, ya nemi gyara a ofishin albashi.