Ko Kun Sani?

Ƙaiƙayin da ke biyo bayan canjin sabulu ba ƙazanta ba ce, don haka ƙara dirza jiki da soso ƙara shi yake yi. Sabulu mai turare, ko sabulun wanki da wasu ke wanka da shi, yana kwashe maiƙon fata, hunturu kuma ya ƙarasa busar da ita.

In za ka aika wa mai kemis saƙo, faɗi sunan sabulun, ranar da ka fara shi, da inda ke ƙaiƙayin. Yawanci zai ce a bar sabulun, a koma maras ƙamshi, a yi wanka da ruwan ɗumi, a shafa basilin ko man kaɗanya tun jiki da danshi.

Amma in ƙaiƙayin ya tsananta da dare, tsakanin yatsu, ƴan gida ma suna susa, wataƙila ƙazuwa ce. A tafi asibiti.