Hisabin Lokacin Sake Sarin Kaya

Mai sayar da man gyaɗa a kasuwar Haɗejia, wanda yake saro kayansa daga Singa a Kano, wajibi ne ya san adadin da in kaya suka sauko gare shi zai aika a ƙaro. Ƙa'idar ita ce ya ninka cinikin yini da kwanakin da saƙo yake ɗauka kafin ya iso, sa'an nan ya ɗora ajiyar ko-ta-kwana.

Misali, in jarka 6 yake sayarwa kullum, mota kuma tana kwana 4, ya sami 24. In ya ƙara 12 saboda jinkiri, haddinsa 36 ke nan. Sai ya shata alama a bangon sito, ko ya sa manhajar wayarsa ta faɗakar da shi a nan.

Amma fa lissafin rani ba ya yi wa damina, domin idan kogi ya cika a Agusta da Satumba, hanya ta ɓaci, kwana 4 ya koma 7, haddin ya zama 54 ke nan. A ganina nan ne akasari ake kuskure, alamarsa kuwa ita ce sito ya ƙare alhali mota tana hanya. Haka nan cinikin sukari a Ramadan, lissafinsa daban ake yi.