Ranar da ƙafa ta daina zafi

Wani tela da na sani ya shekara 11 da ciwon suga. Kukansa kullum ɗaya ne: da zarar ya kwanta da dare sai tafin ƙafarsa ya ɗauki raɗaɗi kamar an shafa masa barkono, har zanen rufa ba ya so ya taɓa yatsunsa. Aka ce sanyi ne, ya sha jiƙe-jiƙe. Bayan kamar shekara biyu zafin ya lafa, ya yi hamdala ya ce an samu sauƙi. Da sanyin hunturu ya shigo, ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta yana hira, bai san ta ƙone ba sai da matarsa ta ga bororo da safe ta ce, "Malam, me ya same ka a ƙafa?"

Lafawar nan da ya yi wa murna, ita ce alamar cewa ciwon ya ci gaba.

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga wadda take ɗaukar jini da wadda take kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa bayanin kan rikice wa mutane. Ta biyun ce take lalacewa a nan. Wadda ta fi kowace tsawo a jiki ita ce ta tashi daga ƙasan gadon baya ta sauka har babban yatsan ƙafa, wajen mita 1 ke nan. Duk tsawon nan sai an ciyar da shi, kuma kamar unguwar da take ƙarshen layin famfo, yatsa ne yake fara rasa rabonsa. Suga idan ya daɗe da yawa a jini yana toshe ƙananan hanyoyin jinin da suke shayar da jijiyar, sannan yana taruwa a cikinta ya rikiɗe ya zama abin da yake cutar da ita. Don haka abin yakan faro daga yatsu, a ƙafa biyu tare, ya riƙa hawa a hankali kamar ana jan safa. Sai ya kusa gwiwa ne yatsun hannu su ma suke fara amsawa. Wajen rabin masu ciwon suga sukan gamu da shi idan tafiya ta yi nisa.

Jijiyar da ta ji rauni tana aika saƙon ƙarya: zafi ba wuta, suka ba allura. Wadda ta mutu kuwa ba ta aika komai. Mutum ya ji kamar yana taka auduga, takalmi ya suɓuce masa bai sani ba, ƙusa ta shige shi ya wuni a kanta. Daga nan miki yake samun ƙofa, kuma mikin mai suga ba ya saurin warkewa.

Giya, ko ta kwalba ko burkutu, ta wata hanyar take bi ta iso wuri ɗaya. Ita kanta guba ce ga jijiya, ga shi tana hana hanji tsotsar bitamin B1, ga mashayi ba ya zama ya ci abincin kirki. Nasa yakan zo da ciwon sha-raɓa da raunin ƙafa. Wanda ya haɗa suga da giya ya ɗora wa jijiyarsa kaya biyu.

Gwajin asibiti ba shi da wuya. Akwai wani siririn tsinken roba da yake lanƙwashewa idan an danna shi da nauyin giram 10. Za a ce ka rufe ido, a taɓa maka wurare a tafin ƙafa, ka faɗi inda ka ji. Wanda bai ji ba, ƙafarsa ta rasa mai gadi. Yana da kyau a duba bitamin B12 ma, domin metfomin, maganin sugan da aka fi sha, yana rage shi idan an daɗe a kansa, kuma ƙarancinsa yana kawo irin waɗannan alamu. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce kawai, ko abin ya zo farat ɗaya, to a nemi wani dalilin.

Farasitamol ba ya taɓuka abin kirki a irin wannan zafi. Likitoci sukan rubuta amitiriftilin ko firegabalin, su kuma zafin kawai suke ragewa, ba sa gyara jijiya. Daidaita suga yana rage saurin ɓarnar, barin giya da cike gurbin bitamin yakan dawo da wani abu cikin watanni, amma abin da ya mutu murus da wuya ya farfaɗo.

Telan nan ƙunarsa ta ɗauki wata uku kafin ta rufe. Yanzu ba ya taka farfajiyar masallaci da azahar ba safa, ya daina ba da farcensa a yanke da reza, ruwan alwala da gwiwar hannu yake gwada zafinsa. Kullum kafin ya kwanta yakan ajiye madubi a ƙasa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, da safe kuma ya zazzage takalminsa kafin ya zura ƙafa.