Hoton Mutum 23 da Lissafin Ranar Haihuwa Ɗaya

Ɗauko tsohon hoton 'yan ajinku na sakandare ka ƙirga kawunan da ke ciki. A ce ka samu mutum 23, har da malamin da ke zaune a tsakiya. To ga tambaya: mene ne yiwuwar a samu mutum biyu a cikinsu da aka haifa a rana ɗaya ta wata ɗaya, ko da shekarun sun bambanta? Yawancin mutane kan ce abu ne mai wuya, tunda kwanakin shekara 365 ne, mutanen kuwa ba su kai talatin ba. Amma lissafi ya nuna cewa yiwuwar ta ɗan haura rabi, kusan kashi 51 cikin ɗari. Ana yawan danganta wannan tambaya da masanin lissafi Richard von Mises, wanda ya yi rubutu a kanta a 1939, kuma har yau tana kayar da ɗalibai. Hanyar warware ta ita ce a bi ta bayan gida: maimakon a ƙirga yadda za a yi a dace, sai a ƙirga yadda za a yi a kasa dacewa.

Kafin mu tunkari kwana 365, bari mu gwada da kwana bakwai, domin Bahaushe ya saba da ranar mako da aka haife shi. Wadda aka haifa ran Lahadi Ladi ce, ta Talata Talatu, ta Juma'a Jummai, ta Asabar kuma Asabe. A ce ga hoton ƙawayen amarya su huɗu, babu wanda ya san ranakunsu. Mene ne yiwuwar a samu aƙalla biyu masu rana ɗaya?

Wanda ya nufi tambayar kai tsaye zai sha wahala. Dacewar tana iya zuwa ta fuskoki da yawa: ta farko da ta uku su zama Jummai, ko uku su zama Talatu, ko a samu Ladi biyu da Asabe biyu, ko ma dukansu su haɗu a rana guda. Kowace fuska sai an yi mata lissafinta daban, kuma a kula kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Kishiyar lamarin kuwa fuska ɗaya ce tak: kowace da ranarta. Tunda dole ɗayan biyun ya faru, ko dai an dace ko ba a dace ba, jimillar yiwuwarsu ɗaya ce cif. In ka san ɗaya, ka cire ta daga ɗaya, abin da ya saura shi ne amsar ɗayar.

Sai mu bi hoton daga hagu zuwa dama. Ta farko ba ruwanmu da ranarta, kowace ce ta yi. Ta biyu, don kada ta ci karo da ta farko, kwana shida suka rage mata cikin bakwai. Ta uku tana gudun ranaku biyu, saura biyar. Ta huɗu saura huɗu. Sai a ninka su:

6/7 × 5/7 × 4/7 = 120/343

Wannan ya kama kusan kashi 35 cikin ɗari, shi ne yiwuwar kowace ta zama da ranarta ita kaɗai. Cire shi daga ɗari, ka samu kashi 65. Wato a irin wannan hoto, sau biyu cikin uku za ka tarar da masu rana ɗaya. In ƙawayen sun zama biyar, yiwuwar ta tashi zuwa kashi 85. In sun kai takwas kuwa magana ta ƙare, domin kwana bakwai ba za su ishi mutum takwas ba tare da an haɗa wasu ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Sai mutum ya ce, cikin mata huɗu ana iya haɗa su bibbiyu ta hanya shida, kowane haɗi yana da yiwuwar ɗaya bisa bakwai, saboda haka amsa shida bisa bakwai ce, kusan kashi 86. Wannan ya zarce gaskiya, don in uku suka haɗu a rana ɗaya, an ƙirga hoto guda sau uku ke nan. Gane kuskuren ba wuya: gwada shi da mata biyar, za ka samu goma bisa bakwai, alhali babu yiwuwar da ke wuce ɗaya.

Yanzu mu koma hoton aji. Dabarar ba ta sauya ba, kwanakin ne kawai suka ƙaru. Na biyu yana da kwana 364 cikin 365, na uku 363, haka ake ta saukowa har na ashirin da uku, wanda ke gudun ranakun mutum 22, saura masa 343:

364/365 × 363/365 × … × 343/365 ≈ 0.493

Kowace lamba a jerin nan kusa take da ɗaya, amma ninkawa tana zaizaye su kamar yadda ruwa ke cin katangar ƙasa. Da mutum 10, yiwuwar dacewa kusan kashi 12 ce. Da 23 ta kai 50.7, da 30 ta haura 70, da 50 kuwa kashi 97 ce.

To me ya sa zuciya ke ƙin yarda? Saboda da zarar mutum ya kalli hoton, kansa yake nema, yana tambayar wa ya dace da ranarsa. Wannan wata tambaya ce daban, kuma amsarta ƙarama ce: yiwuwar wani cikin sauran 22 ya dace da kai ba ta wuce kashi 6 ba. Tambayarmu ta shafi kowa da kowa ne, na ƙarshen layin baya da na tsugune a gaba. Mutum 23 suna haɗuwa bibbiyu ta hanya 253, kuma haɗi ɗaya ya isa. Masu son ƙwallo suna da wurin gwaji a sauƙaƙe, domin 'yan wasa 22 da alƙalin wasa su 23 ne daidai.

Lissafin yana da sharuɗɗa. Ya ɗauka cewa haihuwa ta bazu daidai a duk kwanakin shekara, ya kuma ajiye 29 ga Fabrairu gefe. A zahiri wasu watanni sun fi wasu yawan haihuwa, kuma irin wannan cunkoso ƙara yiwuwar dacewa yake yi, ba ya rage ta. Ya kuma ɗauka cewa ranar wani ba ta da alaƙa da ta wani, don haka in akwai Hassan da Usaini a hoton, babu sauran abin lissafawa. Sannan a ƙasashenmu, mutane da yawa da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba akan sa musu 1 ga Janairu a takarda. In ka duba katin shaidar mutanen hotonka ka ga uku sun haɗu a wannan rana, tambayi iyayensu tukuna, wataƙila alƙalamin magatakarda ne ya haɗa su.