Sana'ar da Ta Dace da Ɗan Sanda Bayan Ritaya

Ɗan sandan Najeriya yana ajiye kaki ne idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya shiga kurtu yana ɗan shekara 20 zai fita yana da 55, da sauran ƙarfinsa, ga iyali, ga fanshon da sau da yawa ba ya kai ƙarshen wata. Abin da ke nuna sana'ar da za ta karɓe shi shi ne sashen da ya daɗe a ciki. Muƙami bai cika yin tasiri ba.

A ɗauki sufeton da ya shafe shekaru a sashen binciken laifuka. Ya iya ɗaukar bayanin mai ƙara da na shaidu, da adana kayan shaida, da haɗa fayil ɗin da zai tsaya a gaban alƙali. Wannan gwaninta ce masu manyan rumbunan kaya da kamfanonin sufuri ke nema. Idan aka rasa buhu 40 na shinkafa a sito, zai fara gwada littafin mai gadin ƙofa da takardun fitar da kaya, ya gano ranar da lissafi ya saɓa. Daga nan sai ya zauna da direba da mai kula da sito da 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, don kada su haɗa baki, ya rubuta wa mai kamfani rahoto. Nan aikinsa ya tsaya. Ba shi da ikon tsare kowa a ɗaki ko tilasta masa amsa laifi. Idan akwai hujja, caji ofis ake kai maganar. Tsofaffin jami'an da suka manta da wannan iyaka kan jawo wa kamfani shari'a. Gurbin da ya kamata irin wannan sufeto ya cike shi ne na kwamfuta, domin yawancin lissafin sito yanzu a cikinta yake.

Wanda ya yi aikin kwantar da tarzoma ko gadin manya ya fi dacewa da shugabancin masu gadi: tsara jadawalin aiki, horar da sababbi, da zagayen dare. Tsohon jami'in kula da hanya kuwa zai iya riƙe direbobin kamfani da binciken haɗurransu.

Kafa kamfanin gadi na kai yana jan hankalin mutane da yawa, amma hanyarsa doguwa ce. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta wajabta lasisi, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, kuma an hana masu gadinsu riƙe bindiga. Kamfani kan biya albashi wata da watanni kafin mai kwangila ya biya shi, don haka zuba kuɗin sallama gaba ɗaya a ciki ganganci ne ga wanda bai taɓa yin aiki a ƙarƙashin wani kamfanin ya ga yadda ake tafiyar da shi ba.