Yadda Ake Zaunar da Tsohuwar Taswira a Doron Ƙasa

Taswirar takarda da aka ɗauka da sikana hoto ce kawai, ba ta san inda take a duniya ba. A manhajar QGIS, Georeferencer ne ke nuna mata mazauninta.

Sirrin aikin yana wajen zaɓen wuraren shaida, wato wuraren da ke kan takardar kuma har yau suna nan a ƙasa. Ɗauki tsohuwar taswirar Kano. Mahaɗar titi da layin dogo shaida ce tabbatacciya, amma bakin kogi ba abin dogaro ba ne, domin ruwa yakan sauya hanya. Sai ka danna wurin a hoton, ka shigar da lambobinsa na gaskiya. Ka warwatsa wuraren har kusurwoyi huɗu, kada su cunkushe a tsakiya.

Tsarin Polynomial 1 yana buƙatar aƙalla wurare 3, amma ka sa 6 ko 8. Da uku kacal, kuskuren da manhajar ke nunawa sifili ne ko da ka yi kwaɓa. Idan wuri ɗaya ya fi sauran kuskure nesa ba kusa ba, sake duba lambobinsa.

A ƙarshe, ɗora taswirar bisa hoton tauraron ɗan'adam. In duk tituna sun goce gefe guda, mai yiwuwa taswirar a ma'aunin Minna take, kai kuwa ka zaɓi WGS 84.